Me ya sa shafi ke nuna "502 Bad Gateway"?

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da intanet ya san wannan farin shafin. Ka danna adireshi kana jiran fom ɗin rajista ko sakamakon jarrabawa, sai allon waya ya fito fari fat, da baƙin rubutu a sama: `502 Bad Gateway`, a ƙasansa siririn layi, sannan kalma guda, `nginx`. Mutum ya duba datarsa ya ga da saura. Ya kashe waya ya kunna, ya ɗora laifi kan kamfanin layinsa, wani ma ya ce an yi wa shafin kutse. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ganin saƙon ma shaida ce cewa datarka ta yi aikinta, buƙatarka ta isa har inda aka aike ta, kuma an ba ka amsa. Matsalar tana can cikin gida, tsakanin manhajoji biyu da ya kamata su yi magana da juna amma suka kasa.

Manhajar da sunanta ke ƙasan shafin, wato nginx, wani injiniya ɗan ƙasar Rasha mai suna Igor Sysoev ne ya rubuta ta, ya kuma sake ta ga jama'a a shekarar 2004. Ya yi ta ne domin shafukan da jama'a ke yi wa rubdugu, inda dubban mutane ke shigowa a lokaci ɗaya. A 2019 kamfanin F5 na Amurka ya sayi kamfanin da ke kula da ita, amma har yau akwai nau'inta na kyauta, kuma shi ne ake ɗorawa a kan sabobi masu ɗimbin yawa a duniya. Saba dai ita ce kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, wadda ba a kashe ta dare da rana.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, a shafukan zamani nginx ba ita ce ke yin ainihin aikin ba. Ba ita ke duba sunanka a rumbun bayanai ba, ba ita ke lissafa kuɗin kayan da ka saya ba. Wannan aikin wata manhaja ce daban, wadda mai shafin ya rubuta da Python ko PHP ko JavaScript. Ita nginx a gaba take tsayawa. Ka ɗauke ta kamar yaron da ke zaune a zauren babban gidan haya. Baƙo ya yi sallama, yaron ya karɓi saƙo, ya shiga ciki ya ƙwanƙwasa ɗakin da aka ce masa, ya karɓo amsa ya kawo wa baƙo. Baƙon ba ya ganin cikin gida, yaron kaɗai yake gani. To idan yaron ya je ya tarar babu kowa a ɗakin, ko don mai ɗakin ya fita ko don ya koma wani ɗaki bai faɗa ba, zai dawo zaure ya ce ya je amma bai samo amsa ba. Wannan dawowar ita ce 502. A cikin takardun nginx ana kiran manhajar da ke ciki `upstream`; a nan za mu riƙa ce mata manhajar baya.

Lambar kanta ba nginx ta ƙirƙiro ta ba. Tana cikin ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, tun takardar da ta bayyana HTTP/1.0 a 1996. Lambobin da suka fara da 4 suna nufin kuskuren daga ɓangaren mai tambaya yake, kamar 404 idan ka nemi shafin da babu shi. Waɗanda suka fara da 5 kuwa suna nufin kuskuren daga ɓangaren saba yake. Ita 502 an keɓe ta ne ga mai shiga tsakani: ya miƙa buƙatarka gaba, bai samo amsa mai amfani ba.

Ta yaya nginx ke sanin inda za ta miƙa buƙata? Kowace kwamfuta tana da adireshi, kuma a kan adireshin akwai ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65535, waɗanda masu sana'ar ke kira fot. Manhajar da ke son a yi magana da ita sai ta nemi babbar manhajar na'ura, Linux ke nan a yawancin sabobi, ta ba ta ƙofa ɗaya, ta zauna tana sauraro. Manhajoji biyu ba sa riƙe ƙofa ɗaya a adireshi ɗaya, sai dai in an yi wani tsari na musamman. Burauzarka kuwa ƙofa biyu ta sani ba tare da an gaya mata ba: 80 ga shafi na gama-gari, 443 ga wanda aka kulle da `https`. Waɗannan biyun nginx ke riƙe da su. Manhajar baya sai ta ɗauki wata lamba can sama, kuma kowace da al'adarta. Gunicorn, wadda ake tafiyar da manhajojin Python da ita, 8000 take ɗauka in ba a gaya mata wata ba. Flask tana ɗaukar 5000 a lokacin gwaji. Masu rubutu da Node.js sun saba da 3000, PHP-FPM kuma 9000 idan ta ƙofa aka haɗa ta.

Ga inda gizo ke saƙa. Lambar nan a wuri biyu ake rubuta ta, kuma wuraren biyu ba su san da zaman juna ba. Ana rubuta ta a saitin manhajar baya, inda aka ce mata ta saurara a ƙofa kaza. Ana kuma rubuta ta a saitin nginx, inda aka ce mata ta kai saƙo ƙofa kaza. Babu wani abu a cikin na'urar da ke tabbatar da cewa lambobin biyu sun zo ɗaya. Mutum ne ya rubuta su da hannu, mutum ne kuma zai iya canza ɗaya ya mance ɗayar.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce wani matashi ya gina wa mai sayar da atamfa da shadda shafin karɓar oda, ya rubuta shi da Python, ya ɗora a kan ƙaramar saba ta haya mai Ubuntu. A saitin nginx ya rubuta:

```
server {
    listen 80;
    server_name example.com;
    location / {
        proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
    }
}
```

Layin da ke ɗauke da nauyin duka shi ne `proxy_pass`. Adireshin `127.0.0.1` na nufin "wannan na'urar da kanta", 8000 kuma ita ce ƙofar. Shafi ya yi watanni yana aiki lami lafiya. Wata rana matashin ya so gwada sabon fasali kusa da tsohon, sai ya tayar da shi a ƙofa 8001 don kada su yi karo. Gwaji ya yi kyau, ya tsayar da tsohon, ya mayar da sabon ya zama na dindindin, amma layin da ke tayar da shi ya tafi da lambar gwajin:

```
gunicorn --bind 127.0.0.1:8001 shago.wsgi
```

Daga wannan daƙiƙar duk mai shigowa 502 zai gani. Manhajar tana raye, babu kuskure ko ɗaya a rubutunta, tana zaune a 8001 tana jiran aiki. Ita kuma nginx tana ta zuwa 8000.

Abin da ke faruwa a wannan zuwan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana dalilin da 502 ke fitowa nan take ba tare da jira ba. Kafin manhajoji biyu su yi musayar ko da harafi ɗaya ta hanyar TCP, sai mai nema ya aika ɗan ƙaramin saƙon buɗe magana da ake kira `SYN`. Idan akwai mai sauraro a ƙofar, Linux za ta amsa da yarda, magana ta ƙullu. Idan babu kowa, Linux ba ta yin shiru: tana mayar da wani saƙo mai suna `RST`, wanda ma'anarsa ita ce babu kowa a nan, kada ka jira. Tunda duka manhajojin a na'ura ɗaya suke, wannan zuwa da dawowar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai nginx ta rubuta abin da ya faru a fayil ɗin kurakuranta, ta miƙa wa baƙo farin shafin nan.

Wannan saurin kansa alama ce mai amfani ko ga wanda bai taɓa ganin saba ba. Idan shafi ya yi ta juyawa kusan minti ɗaya kafin ya nuna kuskure, galibi 504 za ka gani, wato `Gateway Time-out`. A nan an je, ba a ce babu kowa ba, amma amsa ta ƙi zuwa har wa'adin nginx ya cika, wanda a saitinta na asali daƙiƙa 60 ne. Hakan na faruwa idan manhajar baya ta maƙale a wani aiki mai nauyi, ko kuma tana wata na'ura daban kuma katangar tsaro tana haɗiye saƙon buɗe maganar ba tare da mayar da komai ba. Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban. Wanda ya ƙara wa'adin jira don ya magance 502 irin ta misalinmu ɓata lokacinsa kawai yake yi, domin ba jira ne ya gaza ba.

To matashinmu ya sami kiran mai shago cewa shafi ya mutu. Abin da yawancin sababbin shiga ke yi shi ne su kashe nginx su kunna, tunda sunanta ne a kan allo. A ganina wannan ita ce ɗabi'a mafi cin lokaci a duk harkar. Ai da nginx ce ta mutu, da babu wanda zai rubuto 502 ɗin. Burauza ce da kanta za ta ce ta kasa isa ga shafin. Wasu kuma su buga `nginx -t`, ta ce musu `syntax is ok`, sai su ƙara ruɗewa. Wannan umarnin tsarin rubutun saiti yake dubawa, da fayilolin da aka ambata a ciki. Ba ya zuwa ƙofa 8000 ya ga ko da mai sauraro.

Inda ya kamata a fara shi ne fayil ɗin kurakurai, wanda a Ubuntu da Debian yake nan:

```
sudo tail -n 20 /var/log/nginx/error.log
```

A misalinmu zai tarar da layi mai kama da wannan, an taƙaita shi:

```
connect() failed (111: Connection refused) while connecting
to upstream, request: "GET / HTTP/1.1",
upstream: "http://127.0.0.1:8000/"
```

Layin ya faɗi abu biyu ƙarara. Lamba 111 ita ce yadda Linux ke cewa an ƙi haɗawa, wato `RST` ɗin nan ya dawo. Ƙarshen layin kuma ya nuna ainihin adireshi da ƙofar da nginx ta je. Wannan na biyun yana da daraja sosai, domin abin da nginx ta aikata ne a zahiri, wanda kan iya bambanta da abin da mai shafi ke zaton ya rubuta, musamman idan ya gyara saiti bai sake loda shi ba, ko ya gyara fayil ɗin da ba shi ake amfani da shi ba.

Sai dai akwai abin da layin ba zai iya faɗa ba. Ko manhajar baya ta mutu ne, ko tana raye a wata ƙofa, saƙon iri ɗaya ne sak, domin a idon nginx duka biyun abu ɗaya ne: babu kowa a 8000. Abin da ke raba gardama shi ne a tambayi Linux wa ke sauraro a ina:

```
sudo ss -ltnp
```

Amsar, idan aka rage ta zuwa abin da ya shafe mu, za ta fito haka:

```
LISTEN 0 511   0.0.0.0:80      users:(("nginx",...))
LISTEN 0 2048  127.0.0.1:8001  users:(("gunicorn",...))
```

Ga Gunicorn nan a raye, amma a 8001. Fayil ɗin kurakurai ya ce 8000, wannan ya ce 8001; an kama ɓarawo. Domin ya tabbatar, matashin zai iya tsallake nginx ya yi magana da manhajar kai tsaye da `curl -I http://127.0.0.1:8001`. Idan ta amsa da 200 ko wata amsa mai ma'ana, to lafiyarta ƙalau. Gyaran kuwa harafi ɗaya ne: ko ya mayar da Gunicorn 8000 ya sake tayar da ita, ko ya canza `proxy_pass` zuwa 8001, ya duba da `sudo nginx -t`, sannan ya buga `sudo systemctl reload nginx`. Na fi son na farkon, saboda a ce lambar gwaji ta zama ta dindindin hanya ce ta sake faɗawa ramin a gwaji na gaba.

Da a ce `ss` bai nuna Gunicorn ko kaɗan ba, to labari ya koma na mutuwa, kuma tambayar ita ce me ya kashe ta. A nan babu amfanin ci gaba da kallon nginx. Ta riga ta faɗi iyakar saninta. Sai a koma ga bayanan ita manhajar, da `systemctl status shago` da kuma `journalctl -u shago -n 50`, in dai `shago` ne sunan da aka yi mata rajista da shi a systemd. Dalilan da aka fi cin karo da su ba su da yawa. Wani lokaci kamfanin da ke hayar sabar ne ya sake kunna na'urar, nginx ta tashi da kanta saboda an saita ta haka tun wajen girkawa, manhajar baya kuwa da hannu aka tayar da ita, don haka babu mai tayar da ita. Wani lokaci sabon rubutun da aka ɗora ne ke da kuskure, ko yana neman wani kunshi da ba a girka ba, sai ka ga `ModuleNotFoundError`, Gunicorn ta ce `Worker failed to boot` ta rufe. A ƙananan sabobi masu arha kuma, waɗanda su ne masu ƙaramin jari suka fi iya haya, ram kan cika, Linux ta zaɓi manhajar da ta fi cin wuri ta kashe ta don ceton na'urar. Wannan yana barin sawu a bayanan Linux kanta, inda `sudo dmesg` zai nuna `Out of memory: Killed process`. Shi ya sa shafi zai yi wata guda lafiya, sai ranar da jama'a suka yi masa ca, ranar da aka fi buƙatarsa, ya faɗi.

Akwai wasu fuskoki na wannan matsala da ke ruɗa har waɗanda suka ƙware. Shafukan PHP, ciki har da na WordPress, sau da yawa ba ta ƙofa mai lamba suke magana da nginx ba, ta wani fayil na musamman ne da ake kira soket, kuma sunansa na ɗauke da lambar fasalin PHP. Ubuntu 22.04 tana zuwa da PHP 8.1, Ubuntu 24.04 kuma da 8.3. Wanda ya ɗaga sabarsa daga waccan zuwa wannan zai iya tarar da soket ɗin ya koma `/run/php/php8.3-fpm.sock` alhali saitin nginx yana nan yana neman `php8.1-fpm.sock`. Sakamakon 502 ne, amma a fayil ɗin kurakurai za a ga `2: No such file or directory` a madadin 111. Idan kuma soket ɗin yana nan amma ba a ba nginx izinin taɓa shi ba, `13: Permission denied` za a gani. Wannan 13 ɗin yana fitowa har a kan ƙofa mai lamba a Linux na dangin Red Hat, inda tsarin tsaro na SELinux ke hana nginx buɗe haɗi zuwa wasu ƙofofi sai an ba ta dama da `sudo setsebool -P httpd_can_network_connect 1`.

Masu amfani da Docker suna da nasu tarkon. Idan nginx tana cikin kwantena ɗaya, manhajar baya tana cikin wata, to `127.0.0.1` a cikin kwantenar nginx ita kanta kwantenar take nufi, kuma babu Gunicorn a can. Dole a kira ɗayar da sunanta, misali `http://shago:8000`, sannan ita manhajar ta saurara a `0.0.0.0`, don in ta tsaya a `127.0.0.1` ba za ta ji mai zuwa daga wajen kwantenarta ba. Lambar ƙofa daidai take a nan, adireshi ne ya saɓa, amma saƙon da za a gani 111 ne dai.

Ba kowace 502 ce ke nufin babu mai sauraro ba, kuma gara a san haka don kada a yi ta neman lambar da ba ta ɓace ba. Idan fayil ɗin ya ce `upstream prematurely closed connection`, to an haɗu, manhajar ta karɓi buƙatar, sai ta yanke kafin ta ba da amsa. Gunicorn, alal misali, tana kashe duk ma'aikacinta da ya wuce daƙiƙa 30 bai motsa ba a saitinta na asali. Irin wannan 502 ɗin a wasu shafuka kaɗai take fitowa, kamar wajen fitar da babban rahoto, sauran shafin kuwa yana aiki. Ta ƙofar da ba kowa kuwa, duk abin da ke bi ta manhajar baya take shafa, kodayake hotuna da tambarin shafi na iya ci gaba da buɗewa idan nginx ce ke miƙa su kai tsaye daga faifai.

Rigakafin ba shi da tsada. A miƙa manhajar baya ga systemd, a buga `systemctl enable` don ta tashi tare da na'ura, a sa `Restart=on-failure` a fayil ɗinta don a sake tayar da ita idan ta faɗi. Wannan yana da iyaka: idan kuskure ne a rubutun, za ta yi ta tashi tana faɗuwa, kuma systemd a saitinsa na asali yana haƙura idan aka yi yunƙuri fiye da 5 cikin daƙiƙa 10. Don haka bayan kowace ɗora sabon fasali, a buga `curl` a kan ƙofar manhajar, sannan a buɗe shafin daga waje kamar yadda baƙo zai yi, kafin a rufe kwamfuta. Ana kuma iya maye gurbin farin shafin nan da `error_page 502`, a rubuta wa jama'a bayani cikin harshen da suke ji, cewa gyara ake yi kuma ba daga wayarsu ba ne. Ina ganin wannan haƙƙi ne a kan duk mai shafin da talakawa ke biyan kuɗin data don su shiga, musamman shafukan rajista da na biyan kuɗi masu wa'adi.

Kai kuma mai karatu da ba ka da saba, idan ka ci karo da 502, ka ɗan jira minti ɗaya ko biyu ka sake lodawa, domin sau da yawa manhajar baya ce ake sake tayarwa kuma za ta dawo da kanta. Idan kana tsakiyar biyan kuɗi ne ta fito, kada ka yi gaggawar sake biya. Ka fara duba asusunka, saboda 502 irin ta yankewar haɗi na iya zuwa bayan an riga an cire kuɗin. Idan kuma ta daɗe ba ta tafi ba, sayen sabuwar data ko canza waya ba zai gyara komai ba. Ka ɗauki hoton allon, ka lura da lokacin da abin ya faru da adireshin da ka buɗe, ka aika wa masu shafin. Da waɗannan biyun za su gano layin da ya dace a fayil ɗin kurakuransu.